Yadda Za a Sanar da Iyaye Cewa Ɗansu Zai Shiga Rukunin Ƙarfafa Karatu

 

Laccar yau ta shafi wata 'yar magana ce da ba ta wuce minti biyar ko goma a bakin malami, amma sau da yawa ita ce ke raya shiri ko ta kashe shi. Makaranta ta gwada yara, ta gano cewa wasunsu ba su iya karatu ba duk da sun kai aji huɗu ko biyar, ta tsara musu rukuni na musamman, ta ware lokaci da malami. Saura a faɗa wa iyaye. A nan ne uba yake jin kamar an ce masa ɗansa daƙiƙi ne, ya koma gida ransa a ɓace, washegari yaron ya zo makaranta da shaidar bulala a bayansa, ko kuma a daina ganinsa gaba ɗaya.

Kafin malami ya buɗe baki, akwai abin da ya kamata shi kansa ya riƙe a ransa. A shekarar 2022 Bankin Duniya tare da wasu hukumomi sun fitar da ƙiyasi cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. A Afirka kudu da Sahara adadin ya kusan kai kashi 90. Ke nan yaron da aka sa a rukunin ƙarfafa karatu yana cikin mafi rinjaye ne, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji mai yara ɗari da littattafai goma. Malamin da ya yarda da haka muryarsa takan fito daban da ta wanda ya shigo da tunanin zai kai ƙarar yaro.

Irin wannan rukuni yana da asali da ya kamata a sani. Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ce ta fito da tsarin da ake kira TaRL a taƙaice, wato koyar da yaro daidai matakin da yake. Ana zama da kowane yaro shi kaɗai a ba shi takardar gwaji mai sauƙi, a ga inda ya tsaya cikin matakai biyar: wanda bai san haruffa ba tukuna, wanda ya san haruffa, wanda yake haɗa kalma, wanda yake karanta sakin layi, da wanda yake karanta labari. Daga nan sai a tara yara bisa matakinsu ba bisa ajinsu ba, a ba su awa ɗaya ko fiye a rana, bayan wasu makonni a sake gwadawa a ɗaga waɗanda suka wuce. An gwada tsarin a Jihar Borno, kuma a 2019 aka fara shi a Kano ƙarƙashin shirin KaLMA, a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, ga 'yan aji huɗu zuwa shida. Akwai makarantun kuɗi ma da suke yin nasu irin, da sunaye daban-daban. Abin lura shi ne wannan tsari yana ba malami abin faɗa da za a iya taɓawa: mataki da yaro yake, da matakin da ke gabansa.

Iyaye kuwa ba da wannan ma'auni suka saba ba. Tambayar gida ɗaya ce idan an ba da hutu: na nawa ya zo? Uba ya san na ɗaya, ya san na ƙarshe, ya san maimaita aji. Duk abin da makaranta ta faɗa masa game da ɗansa zai saka shi cikin waɗannan ramuka uku. Idan aka ce masa an ware yaron an sa shi wani aji, rami ɗaya ne ya dace da maganar, shi ne na faɗuwa. Kuma a bayan faɗuwar akwai wasu abubuwan da ba zai furta ba: kuɗin littafi da kayan makaranta da ya kashe shekara huɗu, da abin da maƙwabta za su ce, da kuma, ga wanda bai yi boko ba, tsoron cewa laifinsa ne. A gidan da ake da kishiyoyi maganar takan ƙara nauyi, domin uwar yaron ta san za a kwatanta ɗanta da 'yan ɗakin gefe.

Bincike ya nuna cewa bayanin da aka ba iyaye yana canja abin da suke yi, kuma ba kullum ta hanyar da makaranta take so ba. Wata masaniyar tattalin arziki, Rebecca Dizon-Ross, ta yi nazari a Malawi wanda aka wallafa a 2019. Ta tarar iyaye da yawa, musamman waɗanda ba su yi karatu mai zurfi ba, ba su san ainihin ƙoƙarin 'ya'yansu ba. Da aka bayyana musu sakamakon a fili, sai suka riƙa zaɓar wa yara littattafan aiki da suka dace da matakinsu, wanda alheri ne. Amma kuma an ga cewa yaran da sakamakonsu ya yi kyau sun fi dawwama a makaranta, waɗanda nasu ya yi ƙasa kuma haɗarin barinsu makaranta ya ƙaru. Uban da ke da 'ya'ya shida da ɗan abin hannu kaɗan, idan aka ce masa wannan ba ya ja, lissafi zai yi, kuma lissafin yana iya ƙarewa da tura yaron kasuwa ko ɗora wa yarinyar farantin talla.

Wani nazarin kuma, wanda Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu suka yi da Pratham a gundumar Jaunpur ta Indiya aka wallafa a 2010, ya ƙara haske ta wani ɓangaren. A ƙauyukan da aka tara jama'a aka nuna musu cewa 'ya'yansu ba sa iya karatu aka tsaya nan, karatun yara bai motsa ba. Inda aka horar da 'yan sa-kai suka buɗe darussan karatu, yaran da suka halarta sun samu ci gaba. Darasin ga shugaban makaranta shi ne kada ya kira uba ya ba shi labarin matsala alhali rukunin bai tsayu ba. A fara sanin malamin da zai koyar, da ɗakin, da lokacin, da ranar sake gwaji, sannan a aika kira.

Mataki na farko yana zuwa ne tun kafin a gwada ko yaro ɗaya. A taron iyaye da malamai na farkon zango, ko ta bakin kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye mata, a sanar da kowa cewa za a gwada dukkan yaran aji huɗu zuwa shida, za a raba su rukuni-rukuni na awa guda kowace rana, kuma kowa zai shiga wani rukuni, har da masu karanta labari. Wannan ya fi kowane irin daɗin baki amfani. Uban da ya ji tsarin a bainar jama'a, lokacin da ba a ambaci sunan kowa ba, idan an zo kan ɗansa tambayarsa za ta zama wane rukuni ya samu, maimakon me ya yi aka ware shi. A ƙauye yana da kyau mai unguwa da liman su ji bayanin tun da wuri, domin wurinsu mutane za su je tambaya idan shakka ta shiga.

A wannan taron akwai misalin da Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa. A makarantar allo yara talatin suna zaune gaban malam ɗaya, amma kowa da allonsa. Wani yana babbaƙu, wani ya shiga farfaru, wani ya yi nisa cikin surori, kuma ba a wanke wa yaro allo sai ya iya abin da ke kai. Babu uban da yake jin kunya don ɗansa yana farfaru, domin ya san hanya ce kowa ya bi. Idan malami ya ce abin da za a yi a boko ke nan na awa guda, yawancin iyaye sukan gyaɗa kai tun bai ƙarasa ba, wasu ma su ce dama haka ya kamata a yi tun farko.

Sunan rukunin ma a kula da shi. Idan malamai a tsakaninsu suna cewa ajin marasa ƙoƙari, cikin mako guda yara za su ɗauka, su kai gida. A kira kowane rukuni da aikin da yake yi, rukunin haruffa, rukunin kalmomi, rukunin labari, ya wadatar.

Bayan gwaji sai maganar mutum ɗaya-ɗaya, kuma a nan ake yawan tafka kuskuren da ya fi kowanne sauƙin kaucewa. Shugaban makaranta ya rubuta wasiƙa da Turanci, ya buga hatimi, ya danƙa wa yaron ya kai gida. Uban bai iya Turanci ba, yaron kuma an riga an san bai iya karatu ba. Sai a kai takardar wurin maƙwabci ko wani ɗan sakandare a unguwa ya karanta, shi ke nan sirrin gidan ya fita tun mai gidan bai fahimce shi ba. Haka nan cewa yaro "gobe ka zo da babanka" ba tare da bayani ba, kowa ya san ma'anarta laifi ne, kuma wani yaron a daren zai sha duka tun ba a san dalilin kiran ba. Abin da ya fi shi ne malami ya kira waya da kansa, ko ya tura saƙon murya da Hausa, ya faɗi dalilin tun a jimlar farko: lafiya lau, ba laifi ya yi ba, maganar tsarin karatun nan ne da aka sanar a taro. Inda uwa take cikin kulle, malama mace ko wata daga ƙungiyar iyaye mata ta shiga gidan bayan an nemi izinin mai gida. Ba a tsallake uwa, domin ita ce ke ganin yaron da safe, ita ce ke yanke ko zai fita da wuri ko sai ya gama aike.

A ɗauki misali guda a bi shi daki-daki. Yarinya ce 'yar shekara goma a aji huɗu. A gwaji an fara ba ta sakin layi mai jimloli huɗu, ta kasa. Aka sauko kan kalmomi, ta karanta biyu cikin biyar, alhali ana bukatar huɗu. Aka sauko kan haruffa, ta faɗi biyar cikin biyar ba gargada. Matakinta ke nan na haruffa. Malamar da ta gwada ta ta kuma lura da abu biyu: tana karanta kalmomi masu gaɓa biyu irin su "gida" da "rana", amma idan kalma ta yi tsawo sai ta faɗi gaɓar farko ta cinci sauran, kuma a cikin kalma tana rikita d da ɗ, da k da ƙ. Mahaifinta ɗan kasuwa ne, ya zo bayan azahar.

Malamar ta ba shi wurin zama a ofis, ba a baranda ba inda yara ke kai da kawo. Suka gaisa yadda ya kamata, ta tambayi iyali da kasuwa, ba ta yi gaggawa ba. Sannan ta kira yarinyar, ta buɗe takardar haruffa ta ce ta karanta wa Baba. Ta karanta. Ta nuna mata "gida" da "rana", ta karanta su ma. Sai ta sa mata albarka ta ce ta koma aji. A gaban uba ana nuna abin da yaro ya iya ne kawai. Ba a sa shi ya yi ta tuntuɓe a kan abin da aka riga aka san zai kasa, domin kunyar wannan minti ɗaya takan bi yaro shekaru.

Da yarinyar ta fita, malamar ta shimfiɗa takardar gwajin gaban uban ta nuna masa matakan biyar da yatsa. Ta ce: "Alhaji, ka ga wannan matakin ta gama shi, haruffa duk ta san su. Nan take yanzu, wurin haɗa su su zama kalma. Gajerun tana iyawa, dogayen ne ba ta kai ba tukuna. Littafin aji huɗu kuma yana can sama, wurin labari. Shi ya sa idan ana karatu a aji take yin shiru, ana karanta abin da bai zo gabanta ba. Daga Litinin za ta riƙa zama awa guda kowace safiya da yaran da suke daidai inda take, ni ce zan koyar da su, sauran darussa kuma tana ajinta. Ba a biyan ko sisi. Bayan mako shida zan sake gwada ta da irin wannan takarda, in kira ka ka gani da idonka."

A duba abin da ke cikin wannan magana. Ba a ɓoye gaskiya ba, an faɗa masa ƙarara cewa 'yarsa ba ta iya karanta littafin ajinta. Amma an faɗe ta a matsayin wuri a kan hanya, tare da dalilin shirun da ƙila shi ma ya lura da shi, da sunan wadda ta ɗauki nauyin gyara, da ranar da zai zo ya duba ko an cika alkawari. Babu siffa ko ɗaya da aka liƙa wa yarinyar. Ba a ce ba ta ganewa ba, ba a ce tana da wasa ba, ba a kwatanta ta da yayarta da ta zo ta biyu ba. Siffa uba ba shi da abin da zai yi da ita sai fushi ko fid da rai, amma "dogayen kalmomi" abu ne da ake iya koyarwa, kuma shi ma ya gane haka.

Akwai kuskuren da ke ɗaya gefen, wanda malamai masu tausayi suka fi faɗawa. Don gudun ɓata wa uba rai sai a ce masa ai ba komai, ɗan ƙarin lesin ne kawai, tana ƙoƙari sosai. Uban ya tafi da murna, ya ɗauka abin ganin dama ne, ranar kasuwa ya riƙe yarinyar a gida. Ranar da wani ƙaninsa ya miƙa mata takarda ta kasa karantawa, makarantar ce za ta zama maƙaryaciya a idonsa, kuma da wuya ya sake yarda da abin da ta faɗa. Tausayi na gaskiya yana cikin yadda aka jera maganar da wurin da aka yi ta, ba a cikin rage ta ba.

Daga nan malamar ta yi shiru ta bar shi ya yi magana, abin da malamai da yawa ba su saba ba. Tambayoyin iyaye kusan iri ɗaya ne ko'ina, kuma ya kamata a shirya musu amsa tun kafin su zo.

Ta farko takan zo da ɗan zafi: shekara huɗu tana zuwa, me kuke koya mata? Tambaya ce mai hujja, kuma kare kai ba ya amsa ta. Malamar ta ce gaskiyarsa ce, aji ya cika, manhaja tana tafiya ko yaro ya kama ko bai kama ba, kuma wanda haɗa gaɓa ya wuce shi a aji ɗaya ko biyu babu inda ake komawa a ɗauko shi, shi ya sa aka buɗe wannan awa. Idan makaranta ta karɓi nata kason, uba yakan sauke murya, kuma ba ya komawa gida ya sauke dukkan laifin a kan yarinya.

Ta biyu tana zuwa a hankali, wani lokaci sai an kusa tashi: ko dai ƙwaƙwalwarta ce? Amsar tana kan tebur. Yarinyar da ta riƙe haruffa duka, ta haddace surori a Islamiyya, take lissafin canji idan an aike ta, ba ƙwaƙwalwa ta rasa ba. A nan malamar ta tambaye shi inda take a Islamiyya, ya faɗa da alfahari. Wannan tambayar tana da amfani biyu, tana ba uban abin da zai ɗaga kai da shi, tana kuma ba malamar bayani. Sai dai a yi hattara da wani abu: hadda mai ƙarfi takan ɓoye rashin karatu. Yaro yana iya rera shafi guda na littafin Hausa daga ka yana bin layi da yatsa, uwa ta rantse yana karatu. Idan uba ya ce ai a gida tana karantawa, kada a ƙaryata shi. A bayyana masa cewa gwajin ana yin sa ne da kalmomin da yaro bai taɓa haddacewa ba, a ba shi shawara ya rubuta mata sabuwar kalma ko ya nuna mata rubutun jikin buhu ya gani.

Sai ta uku, ko za ta maimaita aji. A amsa da abin da makarantar ta tsara, ba tare da kwana-kwana ba. A tsarin TaRL yaro yana nan a ajinsa, awar rukuni ce kawai ta bambanta.

Kafin ya tashi, uban ya tambayi abin da zai yi. Bai kamata a sallami kowa ba tare da aiki a hannunsa ba, kuma aikin ya zama wanda zai iya ko da bai san bihim a boko ba. Malamar ta roƙe shi abu uku: yarinyar ta iso kafin a fara, domin awar da safe take, a ba ta minti goma bayan magariba ta karanta wa mahaifiyarta ko wani yayanta katin kalmomin da za a riƙa ba ta, kuma kada a dake ta ko a yi mata dariya idan ta yi kuskure. Na ukun sai an furta shi a fili, cikin ladabi, da dalilinsa: yaron da yake tsoron kuskure ba ya tsayawa ya haɗa gaɓa, cinta yake yi don ya tsira, kuma cintar ita ce ainihin abin da ake son raba ta da shi. Uwar da ba ta karatu tana iya sauraro, tana iya cewa sake faɗa, tana iya sa albarka, kuma a gaya mata cewa wannan ma aiki ne. A kuma ja hankalin masu hali cewa ɗaukar mai lesin da zai maimaita littafin aji huɗu da yamma ba zai taimaka ba, domin shi ma zai fara ne daga saman inda yarinyar take.

Ta yaya malami zai gane maganar ba ta shiga yadda ake so ba? Ba daga bakin uba ba, domin Bahaushe zai ce to Malama, Allah ya saka, ko da ransa ya ɓaci. Rajistar rukunin ce za ta faɗa. Yaron da yake zuwa makaranta amma kullum sai awar ta wuce, ko wanda ya fara fashi a mako na biyu, ko wanda ya daina ɗaga hannu yana ƙanƙame jiki idan an matso kusa da shi, duk alamu ne cewa a gida an ɗauki abin a matsayin hukunci. Haka idan aka ji an fara neman takardar canjin makaranta. Fashi uku a jere ya isa a kira waya, kuma a fara da tambayar lafiyar yaron kafin a ambaci karatu. Yaron shi ma yana da haƙƙin a yi masa bayani da kalmomin da aka yi wa mahaifinsa, don kada ya ji labari biyu.

Kiran da ya fi kowanne tasiri shi ne na tsakiya, wanda ba wanda ya sa ran zai zo. A mako na uku malamar ta tura saƙon murya na rabin minti: yau ta karanta "makaranta" da "tattabara" ita kaɗai, a yaba mata. Iyaye da yawa ba a taɓa kiransu daga makaranta ba sai don kuɗi ko laifi, kuma irin wannan saƙo yakan zagaya gida, kaka ta ji, kawu ya ji.

Mako shida ya cika, sai a cika alkawari ko sakamakon ya yi daɗi ko bai yi ba. Idan yarinyar ta karanta kalmomi huɗu ko biyar cikin biyar, ta koma rukunin gaba, a nuna wa uban takardun biyu gefe da gefe, a faɗa masa abin da ya rage kafin ta kai labari. Kada a yi masa alkawarin cewa za ta kai ƙarshe a zango ɗaya, domin yara sun bambanta, kuma wanda ya fara daga ƙasa hanyarsa ta fi tsawo.

Idan kuma ba ta motsa ba, maganar ta biyu ta fi ta farko wuya, kuma ana fara ta ne daga rajista. Kwana nawa ta halarta cikin talatin? Idan rabi ne, ba a gwada tsarin a kanta ba tukuna, sai a nemi abin da ke riƙe ta a gida. Idan ta halarta sosai, sai a duba wasu abubuwan tare da iyayen. Tana matse ido ko kusantar da takarda ga fuska? Tana jin magana idan an yi daga bayanta, ko kunnenta ya taɓa yin ruwa? Da wane harshe ake magana a gida? Yaron da ya tashi da Fulatanci ko Barbarci yana iya haɗa gaɓoɓin Hausa daidai ba tare da ya san ma'anar kalmar ba, kuma abin da yake bukata shi ne ƙarin hira da labari da baki. Akwai kuma yara kaɗan masu wata matsala ta musamman wajen haɗa sauti da harafi duk da basirarsu lafiya lau take, waɗanda suke bukatar koyarwa a hankali da maimaici mai yawa na tsawon lokaci. Malamin aji ba likita ba ne, bai kamata ya sa wa yaro sunan wata cuta ba. Aikinsa ya faɗi abin da ya gani, ya ba da shawarar a kai yaron a duba idonsa da kunnensa a asibiti, ya sanar da shugaban makaranta da jami'in ilimi na ƙaramar hukuma, sannan ya sa sabuwar rana ta gwaji na uku, yaron kuma ya ci gaba da zama a rukuninsa kafin lokacin.